Daƙiƙa talatin a gaban wanda bai san ka ba

(Kiɗan buɗe shiri, sannan ya yi ƙasa.)

MAI GABATARWA: Yau shirin namu na masu son yin fim ne a kan unguwarsu, ko garinsu, ko sana'ar gidansu, amma kuɗi bai kai ba, suna so su nemi gudummawar jama'a ta intanet. Za mu duba yadda ake rubuta kalmomin ɗan bidiyon nan na daƙiƙa 30 da ake turawa domin neman gudummawar. Tare da ni a ɗakin watsa shiri akwai abokiyar aikina, ita za ta riƙa karanta mana misalai.

Mu fara da waye mai kallon, domin komai a kansa ya rataya. A shekarar 1976 an fitar da wani fim a Indiya mai suna Manthan, wanda Shyam Benegal ya ba da umarni. Manoma masu sayar da madara su 500,000 a jihar Gujarat ne suka biya kuɗinsa, kowa ya ba da rufi 2. Labarin ƙungiyoyinsu na haɗin gwiwa ne, kuma ta hanyar ƙungiyoyin aka tara kuɗin. Waɗannan mutanen ba sai an lallashe su ba, abin nasu ne. Haka ma fim ɗin Veronica Mars a Amurka, wanda ya nemi dala miliyan 2 a shafin Kickstarter a 2013 ya samu fiye da miliyan 5 da dubu 700. Asalinsa shiri ne da ya yi shekaru a talabijin, masoyansa suna nan suna jira.

Kai kuwa ba ka da ƙungiyar mutum 500,000, ba ka da masoyan talabijin. Danginka da abokanka za su bayar ko bidiyon bai yi kyau ba, amma kuɗinsu zai ƙare a makon farko. Daga nan sai ka koma ga baƙo: wata ma'aikaciya a Legas, wani ɗalibi a Yamai, wani ɗan kasuwa a Jidda. Bai san ka ba, bai san unguwarku ba, yana kwance yana murza waya da babban yatsa. Shi ake rubuta wa.

Me ya sa daƙiƙa 30? Shekaru da yawa iyakar bidiyon da WhatsApp ke bari a ɗora a sitatus ke nan, kuma ko da aka ƙara tsawon, mutane ba su ƙara haƙuri ba. Ƙaramin bidiyo ba ya cin data, ana tura shi daga waya zuwa waya ba tare da an yi tunani ba. Dogon bayani yana da wurinsa, wato shafin da za a biya kuɗin. Aikin wannan gajeren shi ne ya kai mutum can.

To mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. Misali ne na koyo, alƙaluman ma na koyo ne. A ce wasu matasa 'ya'yan marina a Ƙofar Mata ta birnin Kano, wurin da ake cewa an kafa tun 1498, suna so su yi fim na minti 20 a kan iyayensu. Sun ɗauki rabin fim ɗin da kuɗin aljihunsu. Abin da ya rage shi ne sauran ɗauka, da tace hoto, da gyaran sauti. Ga rubutun da suka fara kawowa. Malama, bismilla.

MURYA TA BIYU: Assalamu alaikum warahmatullah. Jama'a barkanmu da wannan lokaci. Mu ne ƙungiyar matasa masu kishin raya al'adun gargajiya. Kamar yadda kowa ya sani, al'ada ita ce tushen al'umma, kuma duk al'ummar da ta bar al'adarta ta ɓata. Saboda haka ne muka ga ya dace mu shirya wani gagarumin fim wanda ba a taɓa yin irinsa ba, domin wayar da kan jama'a. Muna kira ga gwamnati da masu hali da ɗaukacin al'umma su taimaka mana da abin da ya sawwaƙa. Allah Ya ba da ikon taimakawa, amin.

MAI GABATARWA: Na gode, Malama. Babu ƙarya a ciki, babu rashin ladabi. Amma masu sauraro, ku tambayi kanku: fim ɗin a kan me ne? Ba a faɗa ba. Kalmar rini ba ta fito ko sau ɗaya ba. Nawa ake nema? Ba a faɗa ba. Ta ina zan bayar? Shiru. Idan ka cire sunan ƙungiyar ka ba wa masu fim ɗin dambe, ko na saƙa, ko na kamun kifi, za su karanta shi yadda yake ba su canza harafi ba. Wannan ita ce alamar farko ta rubutun da bai yi ba: ya dace da kowa.

Sannan ya yi tsawo. Kalmominsa sun haura 80. Mutum mai magana a natse, yadda baƙo zai fahimta, yana faɗin kalma 2 zuwa 2 da rabi a daƙiƙa guda. Ke nan daƙiƙa 30 ba ta ɗaukar fiye da kalma 60 zuwa 75, kuma a ciki sai an bar wa hoto wurin numfashi. Kada ku dogara ga ƙirgen kalma kaɗai. Ku karanta da babbar murya, agogon waya yana gudu. A takarda 900,000 kamar kalma ɗaya ce, amma baki sai ya ce dubu ɗari tara, ga naira a gaba. Idan kun ji kuna sauri domin ku cimma agogo, to ba bakin ne ke da laifi ba, rubutun ne, sai a rage.

Yanzu ga wurin da nake samun saɓani da mutane, wato sallama. A rubutun da muka ji, sallama da gaisuwa da gabatar da ƙungiya sun cinye kusan daƙiƙa 8 kafin a ce komai. Na san da nauyi Bahaushe ya faɗa wa mutane da magana bai yi sallama ba. Amma baƙon nan yana yanke shawarar tsayawa ko wucewa a cikin daƙiƙa 2 ko 3 na farko. Ku tuna tallan YouTube: bayan daƙiƙa 5 maɓallin tsallakewa yake fitowa, kuma kowa ya san inda yatsansa ke jira. Shawarata ita ce a kai sallamar cikin rubutun da ke raka bidiyon, a yi ta cikakkiya a can, shi kuma bidiyon ya buɗe da abin kallo. Wanda zuciyarsa ba ta yarda ba, ya ce salamu alaikum sau ɗaya, amma a faɗe ta a kan hoton da ya riga ya fara aiki, ba a kan mutum biyar da suka jeru a jikin bango ba.

To ta yaya ake gyarawa? Ɗauki takarda, ka raba ta gida biyu daga sama zuwa ƙasa. Hagu ka rubuta ido, dama ka rubuta kunne. A gefe ka jera daƙiƙoƙi. Ƙa'idar ita ce abin da ido ya gani, kunne ba ya maimaita shi. Idan hoto ya nuna ramin rini, murya ba za ta ce ga ramin rini ba, za ta faɗi abin da ido ba zai iya sani ba.

Gidan ido ake fara cikawa. Tambayar ita ce: a duk abin da kuka ɗauka, wane hoto ne mutum ba zai iya wuce shi ba? A marina amsar tana nan a fili. Idan aka tsamo zane daga cikin ruwan baba, ba shuɗi yake fitowa ba, kore-kore yake fitowa, sai iska ta taɓa shi ya rikiɗe ya koma shuɗi a gaban idonka. Mafi yawan mutanen duniya ba su taɓa ganin wannan ba. Ga kuma hannun marinin, wanda shuni ya kama har wuyan hannu. Da wannan za a buɗe, kyamara kusa-kusa, ba tambarin ƙungiya ba, ba sunan fim da ke juyi a kan baƙin allo ba.

Malama za ta karanta gyararren rubutun, ni kuma zan riƙa faɗin abin da ido ke gani.

Daga farko zuwa daƙiƙa 4: hannu yana fitowa daga rami da zane, launin yana juyawa.

MURYA TA BIYU: Shekara 50 wannan hannun yana cikin baba.

MAI GABATARWA: Daga 4 zuwa 11: kyamara ta ɗago zuwa fuskar dattijo mai hannun.

MURYA TA BIYU: Na mahaifina ne, marini a Ƙofar Mata, Kano. Ramukan da ke gefensa sun bushe.

MAI GABATARWA: Daga 11 zuwa 18: mai maganar ta bayyana, tana kallon kyamara, sunanta a rubuce a ƙasa. Sai a gilma da ɗan yanki daga abin da aka riga aka ɗauka, mabuga suna bugun zane.

MURYA TA BIYU: Mu 'ya'yan marina muna yin fim na minti 20 a kansu. Mun ɗauki rabi da kuɗinmu.

MAI GABATARWA: Daga 18 zuwa 24: adadin kuɗin da ranar rufewa sun fito manya a kan allo.

MURYA TA BIYU: Saura naira 980,000 mu ƙarasa, kafin 30 ga wata.

MAI GABATARWA: Daga 24 zuwa 30: ta sake fuskantar kyamara, adireshin shafin yana ƙasa, bai motsa ba har ƙarshe.

MURYA TA BIYU: Ku ba da naira 2,000, ku ga fim ɗin kafin kowa. Ku taɓa adireshin da ke ƙasa.

MAI GABATARWA: Madalla. Mu tsaya a kan wasu jimloli, domin kowace da dalilin zamanta.

Jimlar da ta fi kowace aiki ita ce, mun ɗauki rabi da kuɗinmu. Babban abin da ke hana baƙo bayarwa ba rowa ba ce, tsoro ne. Ya sha ganin roƙo a intanet, ya san wasu damfara ce, wasu kuma masu niyyar kirki ne da ba za su taɓa gama aikin ba. Idan ka ce masa ku masu gaskiya ne, ba ka ba shi komai ba, domin ɗan damfara ma haka yake cewa. Amma idan ya ga yankin fim ɗin da idonsa, hoto a tsaye, sauti a fili, ya san kun iya, kuma ya san kun sa naku a ciki. Shi ya sa nake cewa wanda bai ɗauki ko minti ɗaya ba, lokacin yin wannan bidiyon bai yi ba tukuna. Ya je ya yi ɗauka ta kwana ɗaya, ko da waya ce.

Sai kalmomin nan biyu, na mahaifina. Su ne ke amsa tambayar me ya sa ku, ba wani ba. Kamfanin waje zai iya zuwa da kyamarar da ta fi taku, amma ba zai ce mahaifina ba. A rubutun farko ƙungiya ce ke magana, a na biyu mutum ɗaya ce mai fuska da suna. Na san wannan yana jawo ƙorafi a tsakanin abokan aiki, kowa yana so ya fito. Sunayen kowa da hotunansu su tafi shafin biyan kuɗi. A nan murya ɗaya ake so.

Yanzu lissafi. Kun ji ta ce 980,000. Matasan sun ƙirga abin da ya rage musu ya kama naira 900,000. Me ya kawo ƙarin? Duk hanyar da kuɗi zai bi sai an cire la'ada. Kickstarter, alal misali, yana cire kashi 5 cikin 100, masu sarrafa biyan kuɗin kuma su cire kamar kashi 3 zuwa 5. Idan muka ƙaddara za a cire kashi 8, wanda ya nemi 900,000 cif zai tashi da 828,000, ya rasa 72,000, wataƙila kuɗin mai gyaran sauti ke nan. Saboda haka ana raba abin da ake bukata da abin da zai saura bayan la'ada, wato 900,000 a raba da 0.92, ya ba da kusan 980,000. Wannan adadin ake faɗa.

Naira 2,000 kuma ta maye gurbin abin da ya sawwaƙa. Wannan magana tana da daɗi a majalisa, amma a waya tana ɗora wa mutum aiki: nawa zan ba da ba a raina ni ba? Kafin ya yanke shawara ya wuce. Idan ka faɗi adadi, ka sauke masa wannan nauyin, mai son ƙarawa kuma zai ƙara. Adadin yana kuma gaya muku gaskiyar da ke gabanku. Raba 980,000 da 2,000, mutum 490 ke nan. Ku zauna ku rubuta sunayen waɗanda kuke da tabbacin za su bayar. Idan kun samu 60, sauran 430 baƙi ne, kuma daga cikin masu kallo kaɗan ne ke taɓa adireshi, daga cikin masu taɓawa kaɗan ne ke biya. In lissafin ya nuna abin ya fi ƙarfinku, a rage buri, a nemi kuɗin tace hoto kaɗai a wannan zagayen. A Kickstarter wannan ba wasa ba ne, domin idan wa'adi ya cika ba a kai adadin ba, ba a karɓar ko sisi daga kowa.

Tun da na ambaci Kickstarter, in ce wani abu. Shi da GoFundMe suna da jerin ƙasashen da mazaunansu ke iya buɗe neman kuɗi, kuma Najeriya da Nijar ba sa ciki, ko da yake mutum na iya bayarwa daga nan. Masu fim na gida sukan haɗa kai da amintaccen abokin aiki da ke zaune a ɗaya daga ƙasashen, ko su buɗe shafin biyan kuɗi a Paystack ko Flutterwave. Kowace hanya kuka bi, guda ɗaya za a faɗa a bidiyon. Wanda ya ce ku tura ta wannan asusun, ko ku kira wannan lambar, ko ku bi shafinmu, ko ku yaɗa, ya ba baƙo ƙofa huɗu, kuma ba zai shiga ko ɗaya ba. Asusun kuma ya kasance da sunan ƙungiyar ko na mai maganar. Idan sunan da ke kan allo daban, wanda banki ya nuna daban, nan ciniki ya watse.

Alkawarin ma a auna shi. Ku ga fim ɗin kafin kowa abu ne da ba zai ci ku kuɗi ba, adireshin kallo kawai za ku tura. Amma da an ce duk wanda ya ba da 2,000 za a aika masa rinannen gyale, sai a tarar kuɗin yadi da na aikawa sun cinye gudummawar. Kada kuma a ce wa mutane za a raba musu ribar fim. Wannan ya tashi daga gudummawa ya koma zuba jari, kuma hukumar kula da hada-hadar hannayen jari ta Najeriya ta fitar da ƙa'idojinsa na musamman a 2021.

Kun lura Malama ta ce ku ba da, ba ka ba da ba. Ka ya fi kusanci, amma yana ajiye mata a waje, ku kuwa ya ɗauki kowa da girmamawa.

Bayan an ɗauka, kafin a saki, a yi gwaji biyu. Na farko, a kashe sautin a kalla. Mutane da yawa haka suke kallo, a mota ko a wurin aiki. Idan babu sauti ba a gane fim ɗin a kan me ne, da nawa ake nema, da inda za a taɓa ba, to sai an sa rubutu a kan hoton, gajere, manyan haruffa, a ɗaga shi daga can ƙasa inda maɓallan manhaja ke rufewa. A tsaye ake ɗaukarsa, yadda ake riƙe waya. Ga wanda ba ya jin Hausa, kada a canza muryar, a yi kwafi na biyu mai rubutun Ingilishi, na uku mai Faransanci.

Gwaji na biyu, a nemo wanda bai san aikin ba, ba ɗan gida ba, a nuna masa sau ɗaya tak a karɓe wayar, a ce ya faɗi abin da ya gani. In ya ce wasu yara ne ke neman taimako, rubutun ya faɗi. In ya ce 'yar wani marini ce a Kano ke son ƙarasa fim, tana neman dubu biyu-biyu, a saki bidiyon.

Bayan an saki kuma, alƙaluman da manhaja ke nunawa za su gaya muku inda ciwon yake. Idan mutane suna zubewa kafin daƙiƙa 3, hoton buɗewa ne bai kama su ba, a canza shi kaɗai a bar sauran. Idan suna kallo har ƙarshe, suna yabo, amma ba sa taɓa adireshin, to jimlar roƙon ce ta yi laushi ko ta zo a makare. Idan suna taɓawa ba sa biya, ku bar bidiyon ya huta, ku je ku duba shafin: wataƙila yana da nauyin buɗewa, ko babu bayanin yadda za a kashe kuɗin, ko ba ya karɓar katin wanda ke waje.

Saura dattijon da hannunsa ya buɗe bidiyon. Kafin a ɗora, a kai masa a nuna masa, a gaya masa da Hausar da zai gane cewa mutanen da bai sani ba a ƙasashe da yawa za su ga fuskarsa, kuma da ita ake neman kuɗi. Idan jimlar ramukan da suka bushe ta yi masa kama da tallan talauci, a sake rubuta ta har ya yarda. Kiɗan da za a sa a ƙasa kuma kada ya zama waƙar wani da ba a nemi izininsa ba, domin manhajojin suna gane waƙa su kashe sautin bidiyon gaba ɗaya. A marina ma ba a bukatar aro: ƙarar mabuga a kan zane ta isa, a ɗauke ta da makirufo kusa, a rage ta ƙasa da muryar mai magana.

Lokaci ya cim mana.

(Kiɗan rufe shiri.)